Talata a ofishin rajistara: takardar shaidar ɗalibta

Yau aikin teburin ya fi karkata ga masu neman takardar shaidar cewa har yanzu ɗalibai ne. Haka farkon Yuni yake kowace shekara, masu shirin tafiya a Yuli da Agusta duk sai su taso lokaci guda. Yawancinsu biza suke nema, ɗaya ne ya zo don bashin banki.

Tun da safe aka mayar da wasu saboda sun zo hannu rabbana. Ba a neman takardar nan da baki. Ɗalibi zai rubuta wasiƙa zuwa ga rajistara, ta bi ta hannun shugaban sashe, sannan shugaban tsangaya, kowa ya sa hannu da kwanan wata ya buga hatimi. A cikin wasiƙar zai faɗi wanda za a rubuta wa da kuma dalili. Sai ya haɗa da kwafin takardar shiga jami'a da ta JAMB, katin ɗalibi, rasit ɗin kuɗin makaranta mai lambar RRR ta Remita, da fom ɗin rajistar kwasa-kwasai na bana wanda aka sa wa hannu. Mai neman biza ya ƙara da shafin fasfo mai hoto da takardar gayyata. Cikin waɗannan duka fom ɗin bana ne ƙashin baya. Katin ɗalibi yana nuna an taɓa ɗaukar mutum ne kawai, kuma wanda aka kora ko ya jingine karatu ma yana yawo da nasa a aljihu.

Wadda ta fi cin lokaci wata ɗaliba ce 'yar aji uku, an gayyace ta horon mako biyu a Jamus, daga 4 zuwa 17 ga Agusta. Takardunta sun cika, amma da na ɗora shafin fasfo kusa da fayil sai ga bambanci. A fayil sunan garinsu ne sunanta na ƙarshe, kamar yadda aka cika mata tun jarrabawar gama sakandare. A fasfo kuwa sunan kakanta ne, sunan mahaifin ma an rubuta shi Mohammed, namu kuma Muhammad. Ta ce, "Malam, ai ni ɗin ce, a rubuta kawai yadda yake a fasfo." Na ce mata, "Ɗiyata, ni na yarda ke ce. Amma abin da ke fayil kaɗai ofis yake iya shaidawa."

Dalilin ba taurin kai ba ne. Idan ofishin jakadanci ya aiko saƙo yana tambayar ko takardar daga wajenmu ta fito, da suna da lambar rajista za a bincika. Sunan da babu shi a kundi amsarsa ita ce ba mu san shi ba, daga nan kuma an koma zargin jabu, wanda ya fi hana biza muni. Gyaran suna na dindindin doguwar hanya ce, sai an taɓo JAMB, kuma ba zai ƙare kafin Agusta ba. Abin da ake yi a wajenmu shi ne ta kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. In rajistara ya amince, sai a rubuta sunan fayil, a bi shi da lambar fasfo da ranar haihuwa, a ƙara layi guda da ke nuna yadda sunan yake a fasfo. Ranar haihuwarta ta yi daidai a duka biyun, ta auna arziki, don wannan ba layi guda ke gyara shi ba.

Sai maganar kwanakin tafiya. Jami'in biza yana neman amsar abu uku a takardar: mutum ɗalibi ne yanzu, makaranta ta san da tafiyar, kuma akwai karatun da zai dawo ya ƙarasa. Shi ya sa takardar da ta tsaya a "ɗalibarmu ce mai halin kirki" ba ta da nauyi. Dole a ga sashe, aji, shekarar karatu, shekarar da ake sa ran gamawa, da ranar komawa aji. Agusta a Turai hutu ne, mu kuwa tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 kalandarmu ta goce, a Agusta muna tsakiyar zango na biyu. Ba za mu rubuta cewa tana hutu ba alhali kalandar tana nan a shafin jami'a kowa na iya dubawa. Don haka na mayar da ita wajen shugaban sashe ya rubuta izinin fashin mako biyu a sarari, da kwanakinsa. Lissafin ma na yi mata: mako biyu cikin sha biyar na zangon bai kai a hana ta jarrabawa ba, tunda ƙa'idarmu halartar kashi 75 ce, amma in akwai gwaji a kwanakin sai ta daidaita da malamin kwas tun yanzu.

Lokaci shi ne abin da ɗalibai ba sa lissafawa. A dokar bizar Shengen, wadda Jamus take bi, ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kuma kada a bari ya gaza kwana 15 kafin tafiya. Hukunci kan fito cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45. In aka ƙirga 45 baya daga 4 ga Agusta, 20 ga Yuni ke nan. Rantsuwar kotu, sa hannun mutum uku, bugawa da hatimi kan ci kusan mako ɗaya in kowa yana gari. Ke nan tata ta zo a kan gaɓa, ba ragowa. Karɓa da wuri sosai ma ba dabara ba ce, domin takardar shaida ce ta ranar da aka sa mata hannu, wadda ta yi watanni a jaka kuma ana iya cewa a sabunta ta.

Bayan azahar mai bashin banki ya zo, shi da mahaifinsa. Nasu ya fi sauƙi. Banki yana son sanin shekara nawa ta rage, nawa ne kuɗin makaranta na bana, da inda za a biya, don haka adadin kuɗin daga ofishin ma'aji yake fitowa, ba daga wajenmu ba. Dattijon ya ce, "Malam, a sa cewa makaranta ta tsaya masa." Na ce, "Alhaji, wannan kam ba ya shiga. Shaida muke bayarwa, tsayawa sai mai albashi ko kadara, banki zai faɗa muku wanda yake karɓa." Na kuma tambaye su ko sun gwada NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, tunda jami'ar gwamnati ce. Wancan bashi ba ruwa a cikinsa, kuma ba wasiƙa ake kaiwa ba: makaranta ce ke ɗora bayanan ɗalibai, ɗalibi ya shiga da lambar JAMB da NIN da BVN. Can ma bambancin suna shi ke tsayar da mutane.

Kafin tashi na bi waɗanda aka buga ɗaya bayan ɗaya. Lambar wasiƙa a sama, ita ce ake shigarwa a littafin fita. Sunan mai sa hannu da muƙaminsa a buge ƙarƙashin sa hannun, adireshin imel na jami'a ba na wani ma'aikaci ba, hatimi a gefe yadda bai rufe rubutu ba. Ɗaya ta koma wajen mai bugawa, an bar shekarar karatun bara daga tsohon kwafin da aka ɗora a kai. Kowace takarda ana fitar da asali ɗaya ga ɗalibi, kwafi ɗaya ya shiga fayil. Ta 'yar aji ukun tana jiran rantsuwar kotu da izinin shugaban sashe, in sun iso gobe za ta shiga wajen rajistara ranar Alhamis.