Shekara ɗaya da tashina daga Blogger

Shekara huɗu ina rubutu a kan farashin hatsi a Blogger ban biya ko sisi ba. In na dawo daga Dawanau sai in zauna da wayata, in rubuta, in wallafa. Google ne ke riƙe da komai, ban taɓa tunanin tsaro ko cikar ma'ajiya ba. Abin da ya fara damuna jelar nan ce ta blogspot.com a adireshina, sai kuma wani tebur da nake so, wanda mai karatu zai zaɓi masara ko gero ya ga farashin watannin baya. Blogger ba ya ba ka damar girka irin waɗannan manhajojin ƙari. Gidan aro ne, ba ka fasa bango ka yi taga.

A farkon 2023 na tattara na koma WordPress. Manhajar kyauta ce, amma sai ka yi mata hayar masauki, wato hostin, ka kuma sayi sunan shafi. Wani kamfani na waje ya nuna mini dala 3 a wata. Na lissafa, dala 36 a shekara, lokacin dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, kusan dubu 27 ke nan. Na biya ina murna, ban karanta ƙananan rubutun ƙasa ba.

Kwashe kayan bai ɗauki yini ba. Washegari ne wani ɗan'uwa ya kira ni: "Malam, abin da ka tura mana a guruf bara ba ya buɗewa." Laifina ne. Na sa tsohon shafin ya riƙa tura mutane sabon, amma ban lura tsarin adireshin ya bambanta ba. Blogger yana jera shekara, wata, sannan take, ya rufe da .html, nawa sabon kuwa take kawai yake sawa. Kowa ya danna sai ya ci karo da 404, wato saƙon ba a samu shafin ba. Maganin yana cikin Settings na WordPress, ƙarƙashin Permalinks, inda na rubuta:

```
/%year%/%monthnum%/%postname%.html
```

Duk da haka wasu adireshin suka ƙi buɗewa, domin Blogger yana datse dogon take a adireshi, WordPress kuma yana barinsa cikakke. Waɗannan da hannu na bi su ɗaya bayan ɗaya, dare uku, da fitilar waya in an ɗauke wuta.

Akwai kuma wata matsala da mu masu rubutun Hausa ya kamata mu sani. Na taɓa dawo da shafin daga ajiya, sai na ga duk inda na rubuta ƙ ya koma Æ™, ɗ kuma ya zama É—. Kalmar ƙwarya ta zama abin da ko ni ban gane ba. In ka ga haka, rubutunka bai lalace ba, an karanta shi ne da tsarin haruffan da ba nasa ba. Na sake shigar da ajiyar da tsarin haruffa na utf8mb4, haruffan suka dawo. A Blogger ban ma san akwai wannan zance ba, domin wani ne ke kula da shi.

Teburin dai na samu, kuma ya yi kyau. Amma kowane mako akwai sabuntawa da ke jirana, kuma in shafi ya tsaya cikin dare babu wanda zan kira sai kaina.

Sai Fabrairun 2024 ta zo da takardar sabunta haya. Ashe dala 3 farashin jan ciniki ne na shekarar farko, na ainihi dala 10 ne, wato 120 a shekara. Dala kuma ta haura naira 1,500 bayan an saki naira a Yunin 2023. Dubu 27 ta zama dubu 180, ga katin bankina na naira a lokacin ba ya biya a waje.

A nan na ga amfanin sunan da na saya. Tunda rajistarsa a hannuna take, na kwashe fayiloli na koma wani masauki na cikin gida mai karɓar naira, na juya sunan zuwa can, kuma babu adireshi ko ɗaya da ya mutu. Masu karatu ba su ma san na yi ƙaura ba. Da tun ranar farko na sayi suna na ɗaura wa Blogger, wanda ba ya karɓar kuɗi a kan hakan, da ƙaurar farko ma ta zo da sauƙi.

Watan jiya ƙanwata ta ce za ta fara rubuta girke-girke, tana son irin nawa. Na tambaye ta ko akwai abin da take so shafin ya yi bayan rubutu da hoto, ta ce babu. Na sa ta yi rajistar suna mai .com.ng, da naira kuma da imel ɗinta, muka buɗe Blogger, muka cika layukan CNAME biyu da ya nema don haɗa sunan da shafin, ɗaya yana nuni zuwa ghs.google.com. Da safe adireshin ya fara buɗewa, ta wallafa miyan taushe.