Ranar da 741 ya nuna mini iyakarsa

A aji an koya mana cewa ƙarfin haɓakawar of-am, wato ƙaramar na'urar da ke ninka siginal ɗin lantarki, rasistoci biyu ne ke yanke shi, shi ke nan. Na riƙe wannan kamar karatun allo, har ranar da aka ba ni aikin ɗaga siginal mai tsayin milibolt 80 zuwa bolt 8, a kilohaz 20. Ninki ɗari ke nan. Na ɗauko of-am mai lamba 741, na sa rasista mai kilo'om 1 da wani mai 99, na ba shi wuta bolt 15 sama da ƙasa.

A kilohaz 1 komai lafiya lau, bolt 8 cif. Da na murɗa janareton siginal zuwa kilohaz 20, sai osiloskof ya nuna wajen bolt 3.6. Siffar igiyar ba ta lalace ba, ƙanƙancewa kawai ta yi. Na ɓata rabin yini ina auna rasistocin da ba su da laifin komai.

Amsar tana cikin takardar bayanan 741, wurin da aka rubuta GBW: kusan megahaz 1. Ma'anarsa, idan ka ninka yawan haɓakawa da faɗin mitar da za ka samu, jimillar ba ta wuce wannan adadi. Ka nemi ninki ɗari, kilohaz 10 ne rabonka. Ni kuwa ina aiki a ninki biyu na wannan iyaka, inda lissafi ya ce haɓakawar za ta sauko wajen 45. Ninka 45 da milibolt 80, ga bolt 3.6 ɗina.

Sai na raba aikin gida biyu, kowane of-am ya ninka sau goma. Yanzu kowannensu yana da kilohaz 100, sarari isasshe. Na kunna ina murna, sai ga wani sabon abu: igiyar da ta kamata ta fito da lanƙwasa mai santsi ta koma tsini-tsini, gefunanta a miƙe kamar an ja su da rula, tsayinta kuma ya tsaya wajen bolt 6.

Nan na fi daɗewa, don na ɗauka matsalar farko ce ta dawo. Ashe wata ce daban. A cikin 741 akwai ƙaramin kafasita mai fikofarad 30, kuma wutar da ke cika shi tana da iyaka. Saboda haka mafitar ba ta iya hawa ko sauka fiye da kusan rabin bolt a kowace mikrosakan, komai matsin da ka yi mata. Wannan shi ne SR a takardar. Gudun da igiya mai santsi ke buƙata kuwa ga shi, inda f ke nufin mita, Vp kuma tsayin igiyar:

```
SR = 2 × π × f × Vp
   = 6.28 × 20000 × 8 ≈ 1 V/µs
```

Ina neman ninki biyu na abin da yake iyawa. Hatta tsayin tsinin lissafi ya bayyana shi: rabin zagaye a kilohaz 20 mikrosakan 25 ne, a rabin bolt kowace ɗaya ya ba da bolt 12.5 daga ƙasa zuwa sama, wato shida da ɗan kai kowane ɓangare.

Wani da ya riga ni a aikin ya leƙo, ya rage siginal ɗin shiga zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, nan take igiyar ta koma santsinta. Ya ce, "Ka gani? In ka rage shiga siffa ta gyaru, gudu ne ya gaza. In ka rage amma ninkin bai motsa daga ƙarancinsa ba, faɗin mita ne." Har yau da wannan gwajin nake farawa.

Ofset kuma, wato ɗan bolt ɗin da ke fitowa ko da babu siginal, a ƙarshe na lura da shi. Na haɗa mashiga da ƙasa, ina jiran sifili, ma'aunin bolt ya nuna kusan milibolt 200. Tiransistocin mashiga biyu ba sa taɓa zama daidai wa daida, bambancin milibolt 2 ba abin mamaki ba ne a 741, kuma da'irar tana ninka shi sau ɗari kamar kowane siginal. Tunda aikina bai shafi tsayayyar wuta ba, kafasita ɗaya tsakanin matakan biyu ya tare abin da na farko ke turowa, ya bar na biyu da ɗan nasa. Da ma'aunin zafi nake haɓakawa, wannan dabara ba za ta yi ba.

Na so in sa wani of-am, OP07, don ƙarancin ofset ɗinsa, sai na duba na ga gudunsa wajen bolt 0.3 ne a mikrosakan, bai ma kai gudun 741 ba. TL072 na sa, mai megahaz 3 da bolt 13 a mikrosakan, na bar kafasitan a wurinsa. Igiyar ta fito da santsinta, saura ƙiris ta cika bolt 8.