Abin da sikelin asibiti ya koya mini game da nauyin jiki

Aikina a ɗakin masu hawan jini da ciwon sukari yana farawa ne daga bakin sikeli. Kafin mutum ya ga likita, ni nake auna shi in rubuta a kati. A nan na gane cewa lambar da sikeli yake nunawa nauyin duk abin da ya hau kansa ne a wannan lokacin: ƙashi, tsoka, kitse, ruwan jiki, tuwon da bai gama narkewa ba, har da mayafi da makullan da ke aljihu. Kitse a hankali yake ƙaruwa, a hankali kuma yake raguwa. Ruwa da abin da ke cikin hanji su ne masu kai da komowa, shi ya sa babban mutum mai lafiya zai iya ganin bambancin kilo 1 zuwa 2 tsakanin safe da dare.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda ya shanye ruwan leda biyu yana zaman jiran layi ya ƙara kusan kilo guda kafin a kira sunansa, kuma zai rage shi a banɗaki ko ta gumi. Cikin dare ma jiki yana zubar da ruwa ta numfashi da fata, sannan ga fitsarin asuba. Don haka mutum ya fi sauƙi da safe.

Gishiri ne ya fi ruɗa mutane, domin aikinsa sai washegari yake bayyana. Jiki ba ya yarda gishirin da ke cikin jini ya yi kauri fiye da kima. Idan aka ci da yawa sai ƙishirwa ta taso, ƙoda kuma ta riƙe ruwa don a tsarma shi. A ƙiyasi, giram 8 zuwa 9 na gishirin da ya yi rara yana tafiya da kusan lita guda ta ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, amma tsire da yaji, kilishi, taliyar yara da miyar da aka jefa wa dunƙule huɗu suna iya kusantar haka ko ma su wuce shi a zama ɗaya. Mai lafiyayyar ƙoda yakan fitar da rarar cikin kwana biyu zuwa uku, nauyin ya sauka da kansa.

Akwai kuma rumbun da jiki yake tara sukari a hanta da tsoka, wanda ake kira gilaikojin. Yakan kai kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗinsa yana riƙe da kimanin giram uku na ruwa. Wanda ya daina tuwo da shinkafa kwatsam sai rumbun ya ragu, ruwan ya bi fitsari, ya ga kilo biyu sun tafi a mako guda ya yi ta murna. Ranar da ya koma kan tuwo sai su dawo. Irin wannan nake gani a kwanakin farko na azumi da kuma bayan Sallah, kuma a kan wannan masu sayar da shayin rage ƙiba suke cin kasuwa, tunda galibin irin shayin fitsari da gudawa yake sawa.

Wata baiwar Allah da likita ya ce ta rage ƙiba saboda hawan jini ta zo mini ranar Litinin ranta a ɓace. Tana da sikeli a gida, tana rubuta awonta kullum da safe. Ta ce, "Sista, na haƙura. Wata guda ina wahala, biki ɗaya na je ranar Asabar ya rushe komai." Na karɓi littafin. Daga Litinin zuwa Asabar ta rubuta 78.4, 78.0, 77.9, 78.2, 77.8 da 78.1, sai ranar Lahadi 79.5.

Na ce, "Hajiya, zo mu yi lissafi." Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki. Kafin kilo 1.4 ɗin nan ya zama kitse, sai ta ci rarar kalori sama da 10,000 a kan abin da jikinta ya ƙona. Mace kamarta tana buƙatar kusan 2,000 a rana, ke nan sai ta cinye abincin kwana biyar a wurin biki, bayan na ranar. Ta yi dariya ta ce faranti biyu na dafa-duka ta ci da soyayyen nama da lemo. To ga gishiri, ga shinkafar da ta cika rumbu, ga abincin da bai fita ba. Da na ƙara tambaya sai ta ce al'adarta ta kusa, kuma mata da yawa jikinsu yakan riƙe ruwa a waɗannan kwanaki.

Sai muka haɗa lambobin bakwai muka raba gida bakwai, aka sami 78.3. Na makon da ya gabata 78.7 ne. Duk da bikin, ta sauka da kusan rabin kilo, wanda shi ne irin saukar da muke so. Zuwa Laraba ta aiko mini cewa sikelin ya koma 77.9.

Tun daga nan nake koya wa kowa ya kwatanta mako da mako, mace kuma ta kwatanta da irin lokacin a watan jiya. Awon ya zama da safe, bayan an kewaya, kafin a ci ko a sha, da kaya marasa nauyi. Sikelin ya zama guda ɗaya, a kan siminti ko tayil, domin a kan kafet ko tabarma ƙarya yake yi. Na gida da na asibiti ma sukan saɓa, don haka ban damu da bambancinsu ba. Wanda hawa sikeli kullum yake hana shi sukuni, ko yake sa shi ƙin cin abinci, nakan ce ya tsaya a sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. A ganina wannan ya ishi yawancin mutane.

Sai dai ba kowa nake ce wa ruwa ne kawai, kada ya damu ba. Ga mai ciwon zuciya ko na ƙoda, ruwan shi ne matsalar. Irin wannan mutum dole ya auna kansa kullum, kuma idan ya ƙara fiye da kilo 2 cikin kwana uku ya zo asibiti, kada ya jira ranar da aka ba shi. Nakan danna yatsa a ƙaurinsa in ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, ruwa ya taru. Nakan tambaya ko takalmi ya matse shi, ko sai ya tara matasai kafin ya iya numfashi a kwance. Mai ciki da fuskarta da hannayenta suka kumbura farat ɗaya, musamman da ciwon kai, a auna jininta a ranar. Haka kuma wanda nauyinsa yake ta sauka wata da watanni ba tare da ya rage ci ba, ga yawan fitsari da ƙishirwa ko tari mai naci, nakan sa katinsa a gaba in rubuta a gwada sukarinsa da majinarsa.