Kafin ku raba furojet babi-babi

Ƙannena masu furojet, idan sufabaiza ya ce a turo masa kowane babi a fayil ɗinsa daban, don Allah kar ku buɗe sabon fayil ku yi kwafi ku liƙa. Haka na yi a nawa, babi na uku ya fito da lamba 1 a ƙasa, rubutun saman shafi ya ɓace, gefen da aka bari don ɗauri ma ya koma yadda Word ya ga dama.

Dalili kuwa shi ne, Word ba ya ajiye waɗannan abubuwa a jikin rubutun, yana ɓoye su ne cikin Section Break da ke ƘARSHEN kowane sashe, sabon fayil kuma da nasa tsarin yake zuwa. Ku danna Ctrl+Shift+8 za ku ga layin, da ɗigo-ɗigo biyu a jere.

Ga yadda nake yi yanzu. Kafin komai na ɗau biro na rubuta inda kowane babi ya fara da inda ya ƙare, misali na ɗaya 1 zuwa 12, na biyu 13 zuwa 41, na uku daga 42. Sai na yi Save As na dukkan fayil ɗin, na sa masa suna babi na uku, uwar kuma ban taɓa ta ba. A cikin kwafin na danna saman shafin babin sau biyu na kashe Link to Previous, na sauka ƙasa na kashe na can ma, domin kowanne zaman kansa yake, sannan fa na goge babukan da suka zo kafin shi. Daga nan Insert, Page Number, Format Page Numbers, a wurin Start at na sa 42.

Inda na sake faɗawa shi ne wajen goge abin da ya biyo bayan babin. Na haɗa da layin da ke ƙarshen babi na uku na share, nan take babin ya ɗauki kan shafin rataye, har takardar ta kwanta a gicciye don akwai jadawali mai faɗi a can. Ku bar layin nan a wurinsa. Zai bar farin shafi ɗaya a ƙarshe, ku danna a kansa, ku shiga Page Setup, in shafin a gicciye yake ku fara mayar da shi Portrait, sannan ƙarƙashin Layout ku mayar da Section start zuwa Continuous.

Kuma 42 ɗin nan da hannu aka sa, ba ta san abin da ke faruwa a babi na biyu ba, to in gyaran malam ya ƙara masa shafi biyu sai kun koma kun mayar da ita 44, na huɗu da na biyar ma haka. Shi ya sa in karantawa kawai zai yi ba gyara a ciki ba, gara ku fitar da PDF daga uwar, ku zaɓi shafukan babin kaɗai, lambobin na fitowa yadda suke.