Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Biya Kuɗin Iska

A makon jiya na tsaya ne a inda na sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkina biyu, na haɗa da kuɗin adashen da na ɗauka, na yanke shawarar daina saro kaya a hannun 'yan kasuwar Adum da Kejetia a nan Kumasi, in fara sayowa da kaina daga China. Inna ba ta so ba. Ta ce, "Ke da ko Ankara ba ki cika zuwa ba, yaya za ki ba mutumin da ba ki taɓa gani ba kuɗinki?" Yayana ne ya tsaya mini, don shi ya daɗe yana sayo kayan waya ta wannan hanya, yana da ɗan shago a Alabar.

Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su taɓa yi ba. Masu sayar da kaya a 1688, wato shafin intanet na China da ake sarin kaya, ba sa aiko kaya Ghana, iyakarsu cikin China. Saboda haka sai ka nemi ejan mai sito a Guangzhou wanda kuma yake da ofis a nan gida. Shi zai ba ka adireshin sitonsa da alamarka ta kanka, wato ɗan gajeren rubutu da za a manna a jikin duk ƙunshin da yake naka. Kowane mai sayarwa ya aika nasa ƙunshin can, ejan ya tara maka su, ya haɗa a kwali ɗaya, ya ɗora a jirgin sama zuwa Ankara, daga can mota ta kawo Kumasi. Ejan da Yaya ya haɗa ni da shi yana karɓar dala 14 ne a kowane kilo a lokacin, kuma ya ce kuɗin kwastan yana ciki.

Na yi odar kaya daga wuri uku: gyale 30, takalman mata ƙafa 12, da jakunkuna 10. Na tambayi kowane mai sayarwa nauyin kayansa, na zauna a kan tabarma a tsakar gidanmu a Aboabo na haɗa lissafi a bayan littafin awon kwastomomina. Ya ba ni kilo 11 da 'yan kai. Na ce to, kuɗin jirgi ba zai wuce dala 160 da wani abu ba. A kan wannan lissafin na sa wa kowane kaya farashi, har na karɓi kuɗin mata huɗu a unguwa tun kaya ba su iso ba.

Tarawar ma da nata ciwon kan. Gyale ya isa sito cikin kwana uku, jakunkuna kwana biyar, takalma kuwa shiru. Mai takalman ya rantse ya aika, ejan ya ce bai gani ba. Ashe mutumin bai rubuta alamata a jikin ƙunshin ba, kayan suna can jibge cikin waɗanda ba a san masu su ba. Lambar bibiyar ƙunshin ce ta cece ni: na tura wa ejan ita, yaransa suka tono shi. Tun daga ranar, da zarar mai sayarwa ya aika kaya nake kwafe lambar in tura wa ejan, tare da faɗin abin da ke ciki da adadinsa. Yaya ya kuma hana ni cewa a fara turo gyalen shi kaɗai. Ya ce kowane ƙunshi da aka aiko daban, daban ake cika masa nauyi zuwa rabin kilo na gaba, kuma akwai mafi ƙarancin abin da ake caja ko da kayan bai kai kilo ba. Idan aka haɗa su, sau ɗaya za a yi wannan cikon.

Bayan kwana goma sha biyu saƙo ya shigo wayata ana gab da la'asar. Kaya sun iso. Na buɗe takardar kuɗin, sai na ga kilo 20, dala 280. Wallahi sai da na zauna a bakin rijiya. Dala 119 sama da abin da na tanada, kuma a ranar biya ake juya dalar zuwa sidi da farashin da ejan ya sa. Zuciyata ba ta ba ni komai ba sai cewa an ga mace sabuwar shiga an yi mata ƙari.

Washegari na tare Yaya tun kafin ya gama shan koko. Na ce, "Yaya, mutuminka ya cuce ni." Bai yi gardama ba. Ya ce, "Ɗauko tef ɗinki na awo mu je." Muka hau faragiya zuwa ofishin. Aka fito da kwalina, wani ƙato, an naɗe shi da koren buhu da salatif mai ruwan ɗorawa. Na sa hannu ɗaya na ɗaga gefensa, ba nauyi. Na ce a ɗora a sikeli a gabana. Allo ya nuna 11.3. Na juya na dubi ma'aikacin, har muryata tana rawa, na ce, "Malam, ina sauran kilo taran?"

Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, auna kwalin da kanki." Na ja tef irin yadda na saba, ta gefen inci, Yaya ya juya mini shi ya ce da santimita ake yi. Tsawo 60, faɗi 50, tsayi 40. Ma'aikacin ya jawo takarda ya rubuta:

```
60 × 50 × 40 = 120,000
120,000 ÷ 6000 = 20 kg
```

Ya ce jirgin sama ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri. Buhun auduga ba shi da nauyi, amma zai cinye gurbin da za a sa kwali uku na ƙarfe. Saboda haka kowane kwali awo biyu ake yi masa: abin da sikeli ya nuna, da abin da girmansa ya bayar idan aka ninka tsawo da faɗi da tsayi aka raba da 6000. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ake caja. Nawa sikeli ya ce 11.3, girma ya ce 20, sai aka bi 20.

Ban gamsu ba sai da muka farke kwalin a nan ƙasan ofishin. Kowane takalmi yana cikin nasa ƙaramin kwali, rabinsa fanko. Kowace jaka an cusa mata takarda da ledar iska har ta yi tim kamar cikin wata tara, don kada ta lotse. Gyalen kuwa, da su ne suka fi komai nauyi, suna lafe a kusurwa ɗaya, ba su ci ko kashi ɗaya cikin biyar na wurin ba. Na tsaya ina kallon tulin takardun da muka zaro. Su na yi wa hayar jirgi daga Guangzhou. Babu wanda ya cuce ni, ni ce ban san abin da zan nema ba, kuma ejan ba zai taɓa kwalayen mai kaya ba sai an ce ya yi. Na biya. Matan nan huɗu na ba su kayansu a farashin da muka yi alkawari, ribar zagayen nan gaba ɗaya ta tafi a haka.

A karo na biyu na sake yin odar kaya iri ɗaya da adadi ɗaya, amma kafin a haɗa na rubuta wa ejan abu uku. A cire kwalayen takalma, a sa kowace ƙafa a leda, a jera su kai da ƙafa. A zare takardun cikin jakunkuna, a cusa gyalen a cikinsu a maimakon takardar, tunda dama gyalen sai an biya musu. Sannan kafin kaya ya tashi a turo mini hoton kwalin a kan sikeli, da hoton tef a jikin kowane gefe. Wannan dabarar gyalen tawa ce, kuma har yau ina jin daɗinta, don jakar ta riƙe siffarta ba tare da na biya kuɗin iska ba. Kwalin ya fito 50 da 40 da 30, wato 60,000, a raba da 6000 ya ba da kilo 10. Sikeli ya ce 10.4. Wannan karon sikeli ne ya fi, aka cika shi zuwa 10.5, na biya dala 147. Kaya iri ɗaya, bambancin dala 133.

Amma kada wata ta ji wannan ta ce a cire mata kowane kwali. Takalma biyu masu tsini sun iso da bakinsu a murƙushe, na sayar da su ƙasa da kuɗin sari. Silifa da takalmi mai laushi ba ruwansu, amma mai tauri ko mai duwatsun ado gara a bar shi a kwalinsa. Haka kayan da za a kai lefe, inda kwalin ma ana dubansa: waɗannan nakan ce a ware kwalayen a shimfiɗe su a ƙasan babban kwalin, in sun iso in sake naɗa su. Kuma da zarar nauyin girma ya sauko daidai da na sikeli, matsa kaya ya daina rage ko sisi, sai dai ya lalata su.

Sau ɗaya ne na kama kuskure na gaske, a karo na biyar. Takarda ta ce 55 da 45 da 40, kilo 16.5. Tun daga ƙofa na ga kwalin bai kai haka tsayi ba, don idon tela ba ya ɓata a awo. Na auna, tsayin 30 ne. Na yi lissafi a wayata: 74,250, a raba da 6000, ya ba da 12.4, a cika ya zama 12.5. Kilo huɗu ke nan, dala 56. Ban ɗaga murya ba. Na nuna wa ma'aikacin hoton da aka turo mini daga sito, tef yana kan 30 ƙarara, ga kuma kwalin a gabanmu ban buɗe ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, domin da na kai shi gida na farke, magana ta ƙare. Ya kira mutanensu na can, aka gano wanda ya shigar da awon ne ya buga 4 a wurin 3, aka gyara takarda nan take. Ya kuma ja mini kunne a kan abu biyu da na riƙe: idan kwali ya kumbura, daga wurin da ya fi tudu ake aunawa, saboda haka santimita ɗaya ko biyu ba abin faɗa ba ne, sannan wasu kamfanoni da 5000 suke rabawa, wanda zai mayar da kwalina mai kilo 10 ya zama 12, don haka in tambayi wannan lambar kafin in tambayi farashin kilo.

A ranar ne, muna jiran aboboya a bakin titi, Yaya ya dubi kwalin ya ce kayana sun fara yi wa jirgin sama yawa, lokaci ya yi da zan gwada jirgin ruwa ta Tema, inda ba a maganar kilo sai faɗin wurin da kaya ya ci. Na yarda, na zuba kusan duk jarina a kayan Sallah, ban lissafa cewa a kan ruwa ana ƙirga makonni ne ba. Yadda azumi ya kai kwana ashirin kayana ba su fito ba, da abin da Inna ta yi da sarƙarta ta zinariya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.