Gonar da ta ƙanƙance a takarda

Ofishinmu na safiyo ɗaki biyu ne a Titin Gidan Zoo, ni da yara uku. Rabin aikinmu a rana muke yin sa, muna bin iyakar filaye da na'ura. Ɗaya rabin kuwa a kan tebur ne, kuma rigimar da ta fi ba ni ciwon kai daga teburin take fitowa.

Kwanaki wani Alhaji ya kira mu awon gonarsa a wajen Kumbotso, zai sayar. Kusurwa huɗu gare ta, amma ba ta miƙe kamar fuloti ba, don haka tsawo sau faɗi ba zai yi ba. Muka ɗauko lambobin kowace kusurwa, gabas da arewa, a mita. Kano tana shiyya ta 32 a tsarin UTM, tsarin taswira da ya raba duniya shiyya-shiyya, lambobin dogaye ne, irin su 445,050 da 1,314,000. Ni nakan cire 445,000 daga duk na gabas, 1,314,000 daga duk na arewa. Girman fili ba ya canzawa, kalkuleta kuma ta huta. Ga abin da ya rage, E gabas ce, N arewa:

```
     E     N
A    50    0
B    170   50
C    110   130
D    0     120
A    50    0
```

A ɗin da ya sake fitowa a ƙasa da gangan ne. Dole a koma inda aka faro, a rufe gonar.

Lissafin ana kiran sa na igiyar takalmi, saboda a gicciye ake ninka lambobin, yadda ake zura igiyar kambas. Gabas ɗin kowace kusurwa za ka ninka da arewar ta gaba da ita: 50 sau 50, 170 sau 130, 110 sau 120, sifili sau sifili. Jimla 37,800. Sai ka juya, arewar kowace kusurwa sau gabas ɗin ta gaba: sifili, 5,500, sifili, 6,000. Jimla 11,500. Ka ɗebe wannan daga wancan, saura 26,300, ka raba biyu. Gonar murabba'in mita 13,150 ce. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, ke nan hekta 1.315, ko eka uku da kwata tunda dillalai eka suka fi ganewa. Da ta ɗaya hannun muka zagaya, amsar da alamar ragi za ta fito. Sai a yar da alamar kawai.

Kewaye kuma gefe-gefe ake bi. Daga A zuwa B an matsa mita 120 gabas, 50 arewa. Ka ninka kowanne da kansa, ka haɗa, 16,900, tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da haka, 130. Sauran gefunan 100 da 110.45 da 130. Duka mita 470.45, shi mai katanga ko waya yake son ji.

To ba wannan amsar aka fara kawo mini ba. Yaron da na ba aikin, sabon zuwa ne daga makaranta kuma ba laifi yana da ƙwaƙwalwa, ya shigo da takarda yana sosa ƙeya.

"Oga, gonar Alhaji hekta 0.16 ce."

Na ce, "Kai da ka yini kana zagaya ta, ka ga ta yi kama da fuloti uku da rabi?"

Abin da ya faru, a gona mun auna D kafin C saboda wata kwatar ruwa da ta tare mu, na'ura kuma ta jera su yadda aka ɗauka: A, B, D, C. Shi kuwa ya kwafa yadda ya gani. Lissafin bai san gona ba, layin da ka ba shi yake bi. Da aka tsallaka daga B zuwa D, daga C zuwa A, sai iyakokin suka gicciye suka zama kamar kalangu. Ɓangare ɗaya ya fito da ƙari, ɗayan da ragi, suka cinye juna, saura 1,600. Babu kuskure a ninkawar, shi ya sa ya maimaita sau uku yana samun abu ɗaya.

Kewayen ne ya tona asiri. Nasa ya ba da mita 567, alhali ƙafarmu ta san ba mu taka haka ba. Fili ya ragu, kewaye ya ƙaru da kusan mita ɗari: in ka ga haka, duba jerin kusurwoyinka kafin ka zargi na'ura. Na sa shi ya ɗiga su a takarda mai gida-gida ya haɗa da biro, nan take ya ga gicciyen da idonsa.

Da yamma Alhaji ya zo karɓar takardarsa. Ya duba, ya ce, "Malam, dillali fa eka huɗu ya ce mini." Na jawo masa kujera, na ɗauko kalkuleta, muka faro daga A.