Talata: bangon Hajiya mai amon ganga

Da safe Hajiya ta aiko jikanta ya kira ni, wai filastan bangon tsakar gida ya zubo da daddare, Allah ya tsare babu kowa a wurin. Ginin bai daɗe ba, a hunturun bara aka shafe shi. Na ɗauki ƙaramar guduma da alli na tafi.

Bayan mun gaisa na fara bin bangon da ƙwanƙwasa. Inda filasta ya kama bulo sosai, sautin a daskare yake fita, gudumar ma tana dawo maka a hannu. Inda ya saki kuwa sai ka ji amo kamar na ganga, domin akwai 'yar tazara tsakaninsa da bango, ko da ba ta kai kaurin takarda ba, sai ɓawon ya riƙa rawa shi kaɗai. Duk inda na ji haka na zagaye da alli. Da na ja baya na duba, sai ga zanen ya bi fila da linta, wato ginshiƙin kankare da kankaren da ke kwance a saman ƙofa ko taga, ya kuma mamaye kusurwar da bangon ya ɗan karkace.

Hajiya ta ce, "Malam, ai siminti suka sace mini."

Na ce, "Hajiya, a bari mu ga bayan abin da ya faɗo tukuna."

Ni dai a wurina bayan ɓaraguzan ya fi fuskar bango ba da labari. Da ƙarancin siminti ne, da na murza gutsuren ya zama gari a hannuna. Wannan ƙarfinsa lafiya lau. Wanda ya faɗo daga jikin fila bayansa sumul yake, ba ko ɗigon kankare a manne. Ma'ana tun ranar farko bai kama ba. Kankaren da aka zuba cikin katako yakan fito da santsi, wani lokaci har da ragowar baƙin man da aka shafa wa katakon don ya ɓanɓaru da sauƙi. Irin wannan sai an wanke shi, an sassare shi, sannan a watsa masa kwaɓi mai ruwa-ruwa, siminti ɗaya yashi mai tsakuwa-tsakuwa biyu, a bar shi da ƙurajensa ya yi tauri kafin a zo da filasta. Waɗanda suka yi aikin ba su yi ko ɗaya ba.

Na kusurwar ne ya fi ba ni haushi. Na auna kaurinsa, ya haura santimita 3, kuma a tashi guda aka lafta shi don a cike karkatar bangon. Kwaɓi yana tsukewa idan yana bushewa, kuma iya kaurinsa iya ƙarfin da zai ja kansa da shi, ga nauyinsa na jan sa ƙasa tun yana ɗanye. Shi ya sa shafe ɗaya bai kamata ya wuce santimita ɗaya da rabi ba. In wuri ya fi haka zurfi, hawa-hawa ake bi. A yi na farko, a kakkarce fuskarsa tun bai daskare ba don na biyu ya sami abin kamawa, a bar shi kwanaki ana yi masa ban ruwa har ya gama yawancin tsukewarsa. Sannan a ɗora na gaba, wanda zai fi na ƙasa siranta, kuma ba zai fi shi siminti ba. Nan ne matasan magina ke ruɗewa: suna ganin ƙara siminti a hawan ƙarshe gwaninta ne, alhali na sama in ya fi ƙarfi, tsukewarsa ce ke yage na ƙasa.

Ga kuma hunturu. A bayan gutsuren akwai ƙura fara-fara, alamar ba a share bulon ba, ba a kuma jiƙa shi ba. Busasshen bulo yana zuƙe ruwan kwaɓi nan take, daidai wurin da ake so su haɗu, iska kuma tana kwashe na fuska. Siminti ba bushewa ce ke ba shi ƙarfi ba, ruwa yake buƙata. Na tambayi jikan ko an yi ban ruwa, ya ce ya tuna an watsa washegari, daga nan shiru. Mako guda ya kamata a yi, safe da yamma.

Hajiya ta so a zuba ruwan siminti ta tsagar a liƙe. Na ce ba zai shiga inda ake so ba. Za mu fasa duk abin da alli ya zagaye, mu ƙara gaba kaɗan har sai sauti ya daskare. Sauran bangon lafiyarsa ƙalau, ba zan taɓa ba.

Bayan la'asar na je duba yashi. Na zuba kaɗan a kwalba da ruwa, na girgiza, na ajiye. Laka ta kwanta a sama da kauri, na ce a canza mota. Buhun siminti ɗaya kusan kwanon gini biyu ne, don haka hawan farko kwano takwas na yashi zan sa wa buhu, na biyu goma. Gobe fasawa da wanke fila kawai za mu yi, na ce a cika duro da ruwa tun yau.